Hukuncin ruwan jari da albashin abokin tarayya a asusun rabon riba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙanena muna da shagon atamfa a Kantin Kwari. Jarina naira miliyan 6, nasa miliyan 4, kuma shi ke zaman shago. A farkon shekarar nan muka shigo da wani amininmu da miliyan 5. Akanta ya rubuta mana cewa kowa za a ba shi ruwan kashi 10 cikin ɗari a kan jarinsa, ƙanena ya ɗauki albashin miliyan 1.2 a shekara, ragowar kuma, riba ce ko asara, a kasa biyar: ni biyu, ƙanena biyu, shi ɗaya. Ya ce wannan ba ruwan banki ba ne, tsarin rabo ne kawai. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin a rufe lissafin shekara. Tarayyarku da shigo da amininku duk halal ne, amma takardar a yadda take ba ta inganta ba, sai an gyara ta.

Akantanku yana da gaskiya ta wani ɓangare. Jarin abokin tarayya ba bashi ba ne, kuma abin da suke kira ruwan jari ba ya shiga cikin kuɗin da shago ya kashe. Sai an fitar da ribar shekara tukuna ake kai ta asusun rabon riba, a can ake cire ruwan jari da albashi, a raba saura. In kasuwa ta yi kyau ba za ka ga aibinsa ba. A ce kun ci ribar miliyan 4.2. Ruwan jari zai ɗauki miliyan 1.5: kai 600,000, ƙanenka 400,000, amininku 500,000. Albashi ya ɗauki miliyan 1.2. Saura miliyan 1.5, ku biyu kowa 600,000, shi 300,000. Ka tashi da miliyan 1.2, ƙanenka miliyan 2.2, amininku 800,000, kowa ya tafi gida yana murna.

To amma malaman fiƙihu suna auna yarjejeniya ne da shekarar da kaya suka kwanta. A ce ribar ta tsaya a 900,000. Ƙa'idar akantoci ita ce a rubuta wa kowa ruwansa da albashinsa cif, wato miliyan 2.7, sannan giɓin miliyan 1.8 a ɗora muku a kan biyu, biyu, ɗaya. Kai an ba ka 600,000 an cire 720,000, jarinka ya ragu da 120,000. Ƙanenka ya tsira da 880,000. Amininku an ba shi 500,000 an cire 360,000, ya ci 140,000. Duba da kyau: ku biyu kuɗi kawai kuka zuba, a shago ɗaya, a shekara ɗaya, amma shi ya ƙaru kai ka ragu. Kuma idan aka fitar da ladan mai zaman shago, shagon nan faɗuwar 300,000 ya yi. Daga ina 140,000 ɗinsa ta fito? Daga gumin ƙanenka, domin shi aka ɗora wa asarar da ta fi gwargwadon jarinsa.

Abin da shari'a ta toshe ke nan. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai cewa ƙirali, wato mutum ya ba wani jari ya juya su raba riba, yana ɓaci idan ɗaya ya sharɗanta wa kansa wasu dirhamai sanannu, kuma tarayya hukuncinta ɗaya ne a nan. Kashi 10 na miliyan 5 adadi ne sananne tun ranar sa hannu, 500,000 ne ko kasuwa ta ci ko ta ƙi. Asalin wannan yana cikin hadisin Rafi'u ɗan Khadij a Bukhari da Muslim, inda aka hana ba da hayar gona a kan amfanin wani yanki nata keɓantacce, saboda wannan yankin kan yi albarka wancan ya ƙi. Idan kuwa ku biyun kuka lamunce masa jarinsa da kashi 10 ɗin ko da an faɗi, to kuɗinsa ya zama bashi mai jawo amfani, kuɗin ruwa tsantsa.

Sai batun asara. Mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan cewa asara tana bin gwargwadon jari. Naku shida, huɗu, biyar ne, don haka sharaɗin ɗaukar asara a kan biyu, biyu, ɗaya ɓatacce ne, a goge shi.

A rabon riba ne aka yi saɓani. Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, sun ce riba da aiki su bi gwargwadon jari, Shafi'iyya ma sun ɗaura ribar a kan jari. Hanafiyya da Hanbaliyya sun yarda a fifita mai aiki da kaso mafi girma. Ina ganin wannan ra'ayi na biyu yana da ƙarfi, domin ana cancantar riba da aiki kamar yadda ake cancantarta da dukiya, kuma a takardarku wanda kasonsa ya haura jarinsa shi ne mai zaman shago. Idan kuna son jari ya riƙa samun nauyinsa, ku rubuta cewa ribar da ta tabbata, har zuwa miliyan 1.5, za a raba ta shida, huɗu, biyar, abin da ya haura a raba biyu, biyu, ɗaya. Da haka ba a yi wa kowa alƙawarin ko kwabo ba. In an samu dubu 150 kacal, ita za a raba, in ba a samu ba babu mai bin wani.

Albashin ƙanenka bai kamata ya zauna cikin yarjejeniyar tarayya ba, saboda shi ma adadi ne yankakke. Mizani na 12 na AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ya ba da mafita biyu: ko a ƙara masa kaso cikin riba, ko a ɗauke shi aiki da takarda dabam, wadda za a iya warware ta tarayya tana nan daram. In kuka zaɓi ta biyu, miliyan 1.2 ɗin ta koma cikin kuɗin tafiyar da shago kamar haya da kuɗin wuta. A shekara mai kyau ribar rabo miliyan 3 ce. A maras kyau kuwa asarar 300,000 ce: kai 120,000, ƙanenka 80,000, amininku 100,000, ƙanenka kuma ya karɓi ladan aikinsa cikakke. Ku dai sa albashin daidai da abin da za a biya bare a irin wannan aiki.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma ya fi damuna. Miliyan 6 da miliyan 4 ɗin nan, kuɗin da kuka fara da su ne, ko ƙimar shagon ranar da amininku ya shigo? Wajibi ne a ƙirga kayan da ke shago da sito, dila-dila, a yi musu farashin kasuwar ranar. Idan atamfar da ke rubuce a miliyan 10 ta kai miliyan 12, wannan ƙarin naku ne ku biyu, a zuba shi cikin jarinku, sai kason asara ya sauya daidai da haka. Sunan shago da kwastomominsa ma ana iya yi musu ƙima in kun yarda, domin majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa sunan kasuwanci haƙƙi ne mai darajar dukiya.

Ka kuma duba takardar ko akwai ruwa a kan kuɗin da ɗayanku ya zara don buƙatarsa, ko a kan rancen da ya ba shago, akantoci kan saka su. Na rance haramun ne ba tare da saɓani ba. Na zarar kuɗi ma a cire shi, abin da mutum ya ɗauka a rage daga rabonsa ba ƙari. Tunda shekara ba ta ƙare ba, ku zauna ku ukun da akantan ku sake rubutun kafin a raba komai.

Wallahu a'alam.