Fatawa: Kuɗin da na tura sun isa da giɓi, ko ina da haƙƙi a kan kamfanin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Yayata ta ba ni dala 2,000 in tura wa ɗanta da ke karatu a ƙasar da ake kashe yuro. Ranar Juma'a na buɗe manhajar wani kamfanin tura kuɗi, aka nuna mini farashin canji 0.92, cajin aiki dala 15, na amince. Sai dai ban zuba musu kuɗin daga asusuna ba sai ranar Litinin. A lissafina yaron zai samu yuro 1,840, amma rasit ya nuna 1,806.35, shi kuma ya ce 1,788.35 ne suka shiga asusunsa, a takardar da bankinsa ya ba shi kuma an rubuta SHA. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini duk cinikin riba ce ta haram, domin farashin kasuwa a ranar 0.93 ne, kuma shari'a ba ta yarda a canza kuɗi ba sai da farashin ranar. Har yanzu ban gaya wa yayata ba, ina tunanin in cike giɓin daga aljihuna in yi shiru. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka haɗa giɓi uku ka ɗauke su abu ɗaya, shi ya sa hankalinka ya tashi. Tsakanin 1,840 da ka zata da 1,788.35 da suka isa akwai yuro 51.65, kuma kowane kashi a cikinsu hukuncinsa daban. Ɗauko rasit ɗin mu bi shi tare.

Ka ninka 2,000 da 0.92 ka samu 1,840, amma ba duka dala 2,000 aka canza ba. An fara cire cajin dala 15 daga cikinsu, saura 1,985, waɗanda a kan 0.92 za su ba da yuro 1,826.20. Ka ga yuro 13.80 sun tafi a cajin da aka nuna maka ka yarda da shi. Wannan ladan aiki ne sananne, halal ne, ba ka da magana a kansa. Wasu kamfanonin kan ɗora cajin a kan kuɗin, su ciri 2,015 daga asusunka, wasu kuma su cire shi daga ciki kamar yadda aka yi maka. Abin da ke nuna maka wanne aka yi shi ne jimillar da ta fita daga asusunka.

Yanzu raba abin da rasit ya ce an tura da abin da aka canza, wato 1,806.35 a raba da 1,985. Za ka samu 0.91. Wannan shi ne farashin da aka yi maka aiki da shi a zahiri, ko da an rubuta wani abu daban a saman takardar. Bambancinsa da 0.92 ya ci yuro 19.85. Idan ka ga an rubuta 1.0989 a rasit kada ka ruɗe, farashin ne aka juya, ana nufin dala nawa ke sayen yuro ɗaya. Raba 1 da shi za ka koma 0.91. Sauran yuro 18 kuwa bayan an gama canji suka fita, a hanya tsakanin bankuna.

Na fara da yuro 18 ɗin domin sun fi sauƙi. Alamar SHA tana nufin an raba caji: mai turawa ya biya na ɓangarensa, abin da bankunan da ke tsakani da bankin mai karɓa za su caza kuma a cire shi daga kuɗin. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki nauyin duka, BEN kuma duka a kan mai karɓa. Idan an ba ka zaɓi ka ɗauki SHA, ko sharuɗɗan da ka amince da su sun faɗi cewa bankunan hanya za su iya cirewa, ba a zalunce ka ba. Idan kuwa an rubuta maka cewa mai karɓa zai samu adadin cif, ko ka biya kuɗin OUR aka tura da SHA, to kamfanin ne zai cike. Ka nemi su ba ka kwafin saƙon turawar, wanda aka fi sani da MT103, tare da lambar bibiya ta UETR, a nan za ka ga adadin da aka ba da umarni da shi, da wanda ya isa, da abin da aka cire a hanya.

Yuro 19.85 su ne wurin tsayawa, kuma hukuncinsu yana cikin jimla ɗaya da ka wuce da sauri: ka amince ranar Juma'a, ka zuba kuɗi ranar Litinin. Canjin kuɗi ba ya ƙulluwa sai da karɓa a ɓangarorin biyu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a zamanta na Jidda a 1990 cewa shigar da kuɗi a rubuce cikin asusu yana tsayawa matsayin karɓa da hannu, a zamanta na Abu Dabi a 1995 kuma ta bayyana cewa turawa da wani kuɗi daban abu biyu ne a haɗe, canji da farko, sannan aikawa da lada. Ranar Juma'a kamfanin bai karɓi komai daga gare ka ba, don haka abin da ya gudana ranar bai kai ciniki ba. Cinikin ya auku ne Litinin, sa'ad da dalolin suka shiga hannunsu suka rubuta yuron.

Saboda haka ka koma shafin da ka amince a kansa, ko saƙon da suka aiko maka ranar Juma'a, ka duba abin da aka rubuta kusa da farashin. Idan an ce ƙiyasi ne, ko an ce za su riƙe maka shi na wasu awanni kuma wa'adin ya wuce kafin kuɗinka su isa, to 0.91 shi ne farashin cinikinku, ba ka bin su komai. Idan kuwa wa'adin da suka ɗaukar wa kansu ya kai Litinin, kuɗinka kuma suka isa a cikinsa, to a kan 0.92 ka miƙa dukiyar, kuma ba ya halatta su riƙe yuro 19.85 ɗin, ka neme su ba tare da jin nauyi ba. Wannan adadin kaɗai za ka nema. Kada ka ɗora wani ƙari saboda jinkirin da suka yi wajen mayarwa, domin ƙari a kan bashi saboda wucewar lokaci shi ne ainihin abin da aka hana. Ka kuma lura cewa lokacin da ake lissafi da shi shi ne na isar kuɗin wurinsu, wanda zai iya bambanta da lokacin da suka fita daga asusunka.

Maganar ɗalibin nan kuwa, Allah Ya ƙara masa ilimi, kuskure ce, kuma ina so in tsaya a kanta domin tana yawo tana jefa mutane cikin waswasi. Dogaronsa hadisin Abdullahi ɗan Umar ne, Allah Ya yarda da su, wanda yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, aka ce masa babu laifi idan da farashin ranar ne, matuƙar ba su rabu da wani abu a tsakaninsu ba. Ko da mun ajiye saɓanin malaman hadisi a kan ko maganar ta Annabi ce, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ta tsaya ne a kan Ɗan Umar, hadisin yana magana a kan bashin da ya riga ya hau wuyan mutum ake son biyansa da wani kuɗi daban. An ambaci farashin ranar ne don kada mai bin bashi ya ci riba a kan abin da bai shiga hannunsa ba, kuma ko a nan ɗin akwai malaman da ba su wajabta shi ba. Kai ba bashi kake bin kamfanin ba, kuɗi ka kawo ka sayi wani kuɗi. Hukuncin wannan yana cikin hadisin Ubada ɗan Samit: idan jinsi ya bambanta ku sayar yadda kuka so, in dai hannu da hannu ne. Dala jinsi ce, yuro jinsi ne. Sharaɗin da aka gindaya shi ne karɓa, an bar farashi ga yardar masu ciniki.

Sannan shi 0.93 ɗin da ya kafa hujja da shi, tsakiya ce tsakanin farashin saye da na sayarwa a cinikin manyan bankuna, yana kuma motsi a kowane lokaci cikin yini. Da za a wajabta shi, wane sa'a za a ɗauka? Kuma da babu mai sana'ar canji da zai ci halal, alhali Musulmi sun san wannan sana'a tun zamanin sahabbai. Tazarar da ke tsakanin 0.93 da abin da aka ba ka ribar ciniki ce. Tana zama haram ne idan ha'inci ya shiga, kamar a ce maka wannan shi ne farashin kasuwa ba ƙari alhali akwai ƙari, kai kuma ka dogara da maganarsu. A nan laifin algus ne da ƙarya, yana kan wanda ya yi shi, kai kuma kana da haƙƙin neman gyara. Cinikinka dai ingantacce ne, ba sai ka warware shi ba. Kada ma ka nemi a soke turawar don tsoron wannan magana, domin galibi za a sake canza yuron zuwa dala da farashin ranar sokewa, yayarka ta yi asara sau biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da kake son yi. Kai wakili ne, wakili kuma amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. Caji da kuɗin bankunan hanya a kan mai dukiya suke. Yuro 19.85 kuma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: idan ka ga wa'adin, kana da ikon zuba kuɗin, ka bari ya wuce ba da uzuri ba, to ka biya, shi ya fi kuɓutar da wuyanka. Idan iyakar abin da banki ke bari a tura a rana ce ta tsare ka, ko hutun ƙarshen mako, babu komai a kanka, in ka cike kyauta ce ka yi. Ko wanne ne, ka nuna mata rasit ɗin. Dukiyarta ce, kuma za ta sake turawa. In ta ci gaba da zaton dala 2,000 na kai yuro 1,840, wata rana kuɗin makarantar yaron za su gaza, ko ta zargi ɗanta da ɓoye wani abu.

Nan gaba ka ɗauki hoton shafin ƙarshe kafin ka danna amincewa, ka zuba kuɗin nan take, wanda shi ne ya fi nesa da saɓani a babin canji. Ka tabbatar asusun mai karɓa na irin kuɗin da kake turawa ne, in ba haka ba bankinsa zai sake canzawa da nasa farashin. In za ka kwatanta kamfanoni, kada tallar “babu caji” ta ja ka, raba abin da zai isa da jimillar abin da zai fita daga hannunka. A wannan turawar 1,788.35 a kan 2,000 ya ba da kusan 0.894. Idan kuma wata rana lissafin ya nuna su ne suka yi kuskure suka tura fiye da abin da ya kamata, wajibi ne ka sanar da su ka mayar.

Allah ne Mafi sani.