Sama da layin SML ko ƙasa da shi?

"Ina Jos, na ga hannun jari a ₦48, beta ɗinsa 1.25. Yaya zan gane da layin SML ko ya yi araha?"

Malam, SML layi ne da ke nuna ribar da ta kamata a biya ka kan kasadar da za ka ɗauka, beta kuma ma'aunin yadda farashin jari ke motsi tare da kasuwa. Fara da lissafin wannan ribar:

```
E(R) = Rf + β(Rm − Rf)
```

Mu ƙaddara takardun lamunin gwamnati na ba da kashi 18, wato Rf, kasuwa baki ɗaya kuma 26, wato Rm. Tazarar 8 ce, ninka ta da 1.25 ka samu 10, haɗa da 18. Wurinka a kan layin ke nan, kashi 28.

Sai hasashenka. In kana ganin baɗi zai kai ₦60, ga rabon riba ₦4, to ₦16 ka ci a kan ₦48, wajen kashi 33. Ya haura layin, ya yi araha. Farashinsa na gaskiya ₦64 raba 1.28, wato ₦50. Da ₦55 ake sayarwa, ya faɗo ƙasan layin, ya yi tsada.

Betan nan ce ke damuna. Jarin da yakan kwana biyu ba ciniki, farashinsa ba ya motsi, sai betarsa ta fito ƙarama, ka ɗauka garaɓasa ce. Ta taɓa cin kuɗina. Duba yawan cinikinsa tukuna.