Saƙon ƙarshe da ke kashe gardama a WhatsApp

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwana uku ke nan muna musu da wani abokina a gurup ɗinmu na WhatsApp. Shi ya ce barin waya a caji har safe yana kashe batir, ni na ce ba ya yin komai. Da na gaji sai na rubuta masa: "To shi ke nan, na bar ka da ra'ayinka, amma ka je ka yi bincike, in ka gane sai mu yi magana." Maimakon a huta, sai ga saƙon murya na minti huɗu. Me zan rubuta maganar ta mutu, ba tare da na yi bulokin ɗinsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ba ka yi saurin yin bulok ba, domin batirin waya bai kai a rasa aboki saboda shi ba. Kuma ko ka yi, ba zai raba ku ba: bulok a WhatsApp yana tare saƙon da ke tsakaninku ku biyu ne kawai, amma a cikin gurup za ku ci gaba da ganin rubutun juna.

Mu fara da saƙon da ka tura, don a nan matsalar take. Rabinsa na farko sallama ce, rabi na biyu kuwa tsokana ce. Da ka tsaya a "to shi ke nan", da wataƙila an wuce wurin. Amma kalmar "amma" ta rushe duk abin da ya gabace ta. "Ka je ka yi bincike" na nufin bai san abin da yake faɗa ba, "in ka gane" na nufin har yanzu bai gane ba, kuma ka faɗi haka a gaban jama'ar gurup. Wanda aka yi wa haka a bainar jama'a, in ya yi shiru kamar ya amsa laifi ne. Minti huɗun nan ba batir yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa. Ga kuma "sai mu yi magana", wadda gayyata ce kai tsaye zuwa wani zagayen.

Saƙon rufewa yana aiki ne idan abokin musu zai iya yin shiru bayansa ba tare da ya ji kunya ba. Don haka kafin ka tura, ka karanta shi a matsayinsa, ka tambayi kanka: in ni aka rubuta wa wannan, akwai abin da ya zama dole in mayar? Tambaya tana neman amsa, ko da ta gatse ce. Sabuwar hujja, ko hoton allo, ko adireshin wani shafi, duk suna neman martani, domin abu ne da bai samu damar tankawa ba. Siffanta shi da taurin kai ko rashin fahimta shi ma haka. Duk wanda ka samu a cikin waɗannan, cire shi, ko da shi ne ya fi yi maka daɗi.

Abin da ya rage sai ka gina shi a kan gaskiyar da ke hannunsa, kuma a musunku yana da ita. Kai ka yi daidai cewa wayoyin zamani suna yanke shigar wuta idan batir ya cika, ba ya cika ya tumbatsa. Shi kuma ya yi daidai cewa batirin litiyam yana saurin tsufa idan ya daɗe a cike maƙil, musamman in akwai zafi, kamar wayar da aka tura ƙarƙashin matashin kai tana caji. Shi ya sa ma iPhone take da `Optimized Battery Charging`, wanda ke tsayar da caji a kashi 80 cikin 100, sai dab da lokacin da ka saba cire wayar ya ƙarasa. Ka ga ba sai ka yi ƙarya ba kafin ka ba shi nasa. Ga abin da zan rubuta in ni ne:

"Na saurari saƙonka, kuma maganarka ta zafi da daɗewa a cike gaskiya ce. A sauran mun sha bamban, ni kuma a nan na tsaya. Na gode da lokacinka, Allah ya bar zumunci."

Ka lura ba ka janye ra'ayinka ba, ba ka kuma maimaita shi ba. Ka faɗi abin da kai za ka yi, wato tsayawa, ba ka umarce shi da komai ba. Mutum na iya musa hujjarka, amma ba shi da ta cewa a kan shawarar da ka yanke wa kanka. Ka tabbata dai ka saurari minti huɗun kafin ka ce ka saurara, domin in ka yaba abin da bai faɗa ba, gyaran da zai yi maka shi ne sabon zagaye.

Yanzu ɓangaren waya. Kada ka tsara saƙon a cikin gurup ɗin, domin muddin kana taɓa madannai ana nuna wa mutane kana rubutu, shi kuma yana can yana wasa wuƙarsa. Rubuta shi a manhajar ajiye rubutu, ka bar shi ya huce, sannan ka kwafo. Ka tura shi rubutacce, saƙo guda, ba murya ba, don murya takan fito da ɓacin ran da kalmomi suka ɓoye. Kada ka haɗa da fuskar dariya. Ko ɗan yatsan nan na "ya yi", a tsakiyar musu ana iya ɗaukar sa raini.

Bayan ka tura, kada ka koma kana gyara. WhatsApp yana ba da minti 15 na gyaran saƙo, amma yana liƙa masa `Edited`, in kuma ka goge da `Delete for everyone` zai bar `This message was deleted`. Kowanne daga cikinsu na jawo "me ka canza?" ko "me ka goge?"

Sai ka rufe wa kanka ƙofa, don sau da yawa wanda ya yi sallamar shi ke dawowa. Buɗe gurup ɗin, taɓa sunansa a sama, ka nemi wurin `Mute`. Za ka ga `8 hours`, `1 week` da `Always`. Musun kwana uku awa 8 ba za ta ishe shi ba, ɗauki mako guda. Sannan ka danne gurup ɗin a jerin hirarraki ka tura shi `Archived` don ya bar gabanka. Ka sani cewa `Mute` shi kaɗai ba ya hana sanarwa ta zo idan ya ambace ka da @ ko ya amsa saƙonka kai tsaye. Haka kuma kashe `Read receipts` a `Settings` > `Privacy` ba ya aiki a gurup: in ka buɗe, zai iya duba bayanan saƙonsa ya ga ka karanta.

Ka sa a ranka zai iya sake turo wani abu. In gajere ne, irin "ba komai" ko "Allah ya sa mu dace", maganar ta mutu, ka bar masa kalmar ƙarshe. In dogo ne kuma, nan ne gwajin yake: kada ka rubuta "ai na ce na gama", domin wannan ma amsa ce, kuma tana koya masa cewa sallamarka ba ta da nauyi. Ka yi shiru. Bayan kwana biyu ko uku ka leƙa gurup ɗin, in ya turo wani abu da bai shafi batir ba, ka tanka masa kamar yadda kuka saba.