Tunda gwamnati ce ke buga kuɗi, me ya sa take karɓar haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, a nan Jos. An koya mana cewa da haraji gwamnati ke gina makarantu da asibitoci. To amma ba ita ce ke buga naira ba? Me zai hana ta buga isassu ta yi ayyukanta ta ƙyale talaka? Kuma idan wannan ya fito a jarrabawa, ya zan amsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Gwamnati na iya ƙara yawan naira, amma hakan ba ya ƙara buhun masara ko ɗaya a kasuwa, ba ya ƙara siminti ko awannin aikin likita. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da take nema idan za ta yi aiki. Bari mu yi lissafi da ƙananan alƙaluma da na tsara don misali.

Ki ɗauka a kasuwar Katako akwai buhun masara 100 kacal, masu saye kuma gaba ɗaya suna riƙe da naira miliyan 5. Idan duk kuɗin kan masarar zai ƙare, buhu zai tsaya a naira 50,000. Sai gwamnati ta buƙaci buhu 20 don ciyar da ɗaliban makarantun kwana.

Idan ta bi ta haraji, za ta karɓi naira miliyan 1 daga hannun jama'a, ya rage musu miliyan 4. Ta sayi buhu 20, su sayi 80. Kuɗin da ke yawo a kasuwar bai ƙaru ba, hannu kawai ya sauya, don haka farashi na nan a 50,000.

Idan kuwa ta ƙyale kowa da kuɗinsa ta ƙirƙiro sababbi, naira miliyan 1 da dubu 250, ta shigo kasuwar da su, yanzu miliyan 6 da dubu 250 ke bin buhu 100 ɗin nan. Ki raba, za ki samu 62,500 kowane buhu. Gwamnati ta kwashi buhunta 20, miliyan 5 ɗin jama'a kuma ba zai sayi fiye da 80 ba. Kin ga a duka hanyoyin biyu buhu 20 ne suka bar hannun jama'a. An karɓa ɗin dai, sai dai a hanya ta biyu babu wanda ya ba ki rasit. Tashin nan daga 50,000 zuwa 62,500 shi ne hauhawar farashi, kuma ana auna shi haka: ki cire tsohon farashi daga sabo, ki raba da tsohon, ki ninka da 100. Wato 12,500 a raba da 50,000, ya ba da kashi 25 cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna a hanya ta biyu shi ne wanda nauyin ke faɗa wa. Haraji doka ce ke kafa shi, kuma ana iya tsara shi yadda mai babban albashi zai biya kaso mafi girma, a ɗauke wa mai ƙaramin ƙarfi. Harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, ba ya hawa kan kayan abinci na yau da kullum. Hauhawar farashi ba ta yin wannan zaɓen. Dillalin da ya tara masara a sito zai ƙara kuɗin kayansa ya tsira, wataƙila har ya ci riba. Malamin firamare da albashinsa bai motsa ba, da tsohon da ke jiran fansho, da matar da ta shiga adashi ba za ta kwasa ba sai bayan wata goma, su ne za su je kasuwa da kuɗin jiya su tarar da farashin yau.

Shi ya sa aka sa wa abin takunkumi. Babban Bankin Najeriya ne ke da ikon fitar da naira, kuma yawancin sabon kuɗin da yake ƙirƙiro wa gwamnati ba ma takarda ba ne, lambobi ne da ake rubutawa a asusun gwamnati a matsayin rance. Dokar bankin ta 2007, a sashe na 38, ta ƙayyade cewa irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, kuma a biya shi kafin shekara ta ƙare. An tsallake wannan iyaka nesa ba kusa ba: a Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince a mai da naira tiriliyan 22.7 na wannan rance bashi na dogon lokaci. Ƙasar da ta bi hanyar har ƙarshenta ita ce Zimbabwe, wadda a farkon 2009 ta fitar da takardar kuɗi guda ta dala tiriliyan 100 ta ƙasar, ba a jima ba jama'a suka koma ciniki da kuɗin ƙasashen waje.

Sai dai kada ki rubuta cewa duk ƙarin kuɗi na kawo tsada. Da a ce buhunan Katako sun ƙaru daga 100 zuwa 125 a daidai lokacin, da miliyan 6 da dubu 250 ɗin ya bar farashi a 50,000. Matsalar na zuwa ne idan kuɗi ya riga kaya gudu. Haka kuma ba kowace tsada ce ta samo asali daga buga kuɗi ba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota, faɗuwar darajar naira ta ɗaga kuɗin taki da magani da ake shigowa da su, rikicin da ya raba manoma da gonakinsu a Mangu da Bokkos ya rage abin da ke isowa kasuwa. Waɗannan sun shigo ta ɓangaren tsadar samar da kaya, kuma duk sun haɗu ne har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Tumatir kuma da ke tsada a kasuwar Farin Gada da damina ya sauko da rani, wannan yanayi ne. Ana cewa hauhawar farashi ne idan yawancin kaya sun tashi tare, abinci da haya da sufuri da kuɗin makaranta, kuma suka ci gaba da tashi wata bayan wata.

A jarrabawa ki fara da ma'anar hauhawar farashi a jumla ɗaya, da kalmomin nan biyu a ciki: yawancin kaya, da ci gaba da tashi. Sai ki nuna cewa haraji na ɗauke kuɗin da ke akwai daga hannu zuwa hannu, buga kuɗi kuma na ƙara yawansa ba tare da kaya sun ƙaru ba. Ki kawo lissafi, ki faɗi waɗanda abin ya fi shafa. Kafin nan ki gwada wannan a littafinki: buhu 200, jama'a na da naira miliyan 8, gwamnati ta ƙirƙiro miliyan 2. Ki nemo farashin farko da na biyu, da kashin hauhawar, da buhunan da suka rage wa jama'a. Idan kin samu 40,000 da 50,000, kashi 25, da buhu 160, lissafinki ya yi daidai.