"Malam, amsar ta yi yawa"

Tambaya: "'Yan uwa masu koyarwa ta waya, ɗalibina yakan turo saƙo layi ɗaya, in yi ta zuba bayani, ya ce 'to' kawai. Washegari sai in tarar bai gane ba. Ina gizo ke saƙar?"

Malam, na daɗe ina koyar da lissafi ta waya, kuma abin da na lura shi ne sau da yawa bayanin lafiyarsa ƙalau, sai dai ba abin da yaron ya tambaya ake amsawa ba.

Wani abokin aikina ya taɓa tura wa ɗalibarsa bayanin yadda ake raba 6 da ½. Ya nuna mata a juya ½ ya koma 2, a ninka, a samu 12. Can sai ga saƙonta: "Malam, amsar ta yi yawa." Shi ya ɗauka tsawon bayanin take kuka da shi, har ya ɗan ji haushi, wai yaran yanzu ba sa son karatu. Ya taƙaita ya sake turawa. Ta ce "to". Da yamma ta sake rubuto maganar nan dai, ko harafi ba ta canza ba.

A nan ne ya tambaye ta: "Ke nawa kika samu?"

Ta ce 3. Ashe lambar 12 ɗin ce ta yi mata yawa. A saninta rabawa kullum rage abu take yi, to ta yaya za a raba 6 a samu abin da ya fi 6? Ita raba shida gida biyu ta yi, alhali tambayar ita ce rabi nawa ne a cikin shida. Wannan ruɗanin ya zama ruwan dare, domin yara sun shekara suna rabawa da cikakkun lambobi, inda amsa ba ta taɓa wuce abin da aka raba. Sai ya ce ta zana da'ira shida, ta tsaga kowace biyu, ta ƙirga. Ta samu 12. Ya sa ta gwada amsarta kuma: rabi sau 3 ɗaya da rabi ne kawai, bai kai shida ba.

Ka lura da irin tambayar. Da "kin gane?" ya ce, "eh" za ta ba shi, don kunyar malami. Tambayar da ke aiki ita ce wadda dole sai ɗalibi ya fito da lamba ko layin da ya tsaya. Ni idan saƙo ya zo babu lambar tambaya, ko aka maimaita shi bayan na amsa, ba na ƙara ko kalma ɗaya ta bayani. Sai in ce ya ɗauko hoton aikinsa ya turo, har da inda ya soke, don galibi a nan kuskuren yake.