Sanarwar walima a WhatsApp: GIF ko bidiyo, kuma sai na sayi manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Islamiyya ce a Argungu. Ɗalibanmu 24 za su yi walimar saukar Alƙur'ani, ƙanena ya shirya mana sanarwa a PowerPoint, shafi 9, har na ɗora muryata. Ya mayar da ita GIF muka tura guruf ɗin iyaye, mutum 150. Ta fito megabait 40, murya babu, shafukan na gudu kafin a karanta. Wani mai shagon kwamfuta ya ce sai na sayi manhajar haɗa bidiyo. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a karatun yaran. Ki riƙe kuɗinki. Abin da mai shagon yake son sayar miki yana nan cikin PowerPoint ɗin da ƙanenki ya yi aikin da shi, maɓalli ne kawai aka danna ba daidai ba.

GIF hoto ne mai motsi, ba shi da wurin ajiye sauti ko kaɗan, don haka ko da manhajar miliyan aka yi shi muryarki ba za ta fito ba. Launi 256 kacal yake iya ɗauka a kowane hoto, shi ya sa fuskokin yara ke fitowa da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa musu gero. Kuma bai iya matse kaya ba: abin da bidiyon MP4 zai ƙunsa a ɗan ƙaramin ƙunshi, GIF sai ya cika buhu. Gudun shafukan ma daga nan ya samo asali. Idan aka zaɓi Create an Animated GIF, PowerPoint yakan ba kowane shafi sakan 1 ne in ba a canza ba. Amfanin GIF bai wuce abu na 'yan sakanni mai maimaita kansa ba, kamar tambarin makaranta yana juyawa ko "Barka da Sallah" tana walƙiya. Sanarwa mai sunaye da murya aikin MP4 ce.

Ki lissafa ma abin da aka ɗora wa iyaye. Megabait 40 sau mutum 150 ya kama kusan gigabait 6 na datar jama'a, in kowa ya sauke. Da yawa ba za su sauke ba. Mai ɗan guntun data da ya ga 40 a rubuce a jikin saƙo sai ya wuce, ranar walima kuma ya ce ba a gaya masa ba.

Kafin a je ga fitar da bidiyo, akwai gyara biyu a shafukan kansu, kuma su ne suka fi muhimmanci.

Na farko, siffar shafi. PowerPoint yana buɗewa da shafi a kwance, irin na allon talabijin, alhali mutane a tsaye suke riƙe waya. Bidiyo mai kwance a wayar da ke tsaye yakan zama ɗan siririn zane a tsakiya, sama baƙi ƙasa baƙi, rubutu kamar sawun tururuwa. Ƙanenki ya shiga Design, ya danna Slide Size, sannan Custom Slide Size, ya zaɓi Portrait. Faɗin zai koma santimita 19.05, tsayi 33.867, daidai da fuskar waya. Za a tambaye shi Maximize ko Ensure Fit, ya ɗauki Ensure Fit don kada gefen hotuna ya yanke. Daga nan sai ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ya sake jera kayan da hannu, domin komai zai ƙanƙance ya taru a tsakiya. Aikin rabin awa ne, ba a tsallake shi. Sunayen ɗalibai su kai girman 36, da haruffa masu kauri, baƙi a kan fari ko fari a kan kore mai duhu. Ya bar fili sama da ƙasa, saboda in an sa a Status, sunan mai saƙo da wurin ba da amsa suna rufe waɗannan wuraren.

Na biyu, lokacin kowane shafi. A nan ne kusan kowa ke faɗuwa, domin wanda ya rubuta abu ya riga ya haddace shi, gani yake sakan 3 ya isa. Ki karanta kowane shafi da ƙarfi, a tsanake, kamar yadda kakar ɗaya daga cikin yaran za ta bi shi da ido, wani ya duba agogo. Ga yadda zan raba naki. Shafin sallama da sunan makaranta, sakan 4. Shafin rana da wuri da lokaci, sakan 7. Sunaye 24 a raba shida-shida a shafi 4, kowanne sakan 8, ya zama 32. Hotuna shafi 2, sakan 4 kowanne. Shafin ƙarshe ya maimaita rana da wuri, sakan 6, domin wanda ya shagala da neman sunan ɗansa ya riga ya manta da na farko. Jimla sakan 57.

Ana sa waɗannan lambobi a Transitions, a ɓangaren dama inda aka rubuta After, shafi bayan shafi. Sai dai a lura da ado. Kowane salon sauya shafi, irin su Fade, yana cin nasa lokacin, kusan sakan ɗaya, kuma sau takwas ko tara ya isa ya tura ki gaba da minti ɗaya. Ni dai None nake zaɓa, wato babu ado. Shafi mai birkiɗowa kamar tabarma ba ya ƙara wa sanarwa komai sai nauyi, domin motsi ne ke kumbura bidiyo, shafin da ke tsaye cak kusan kyauta yake tafiya. Dalilin damuwa da minti ɗaya kuwa shi ne Status: a da sakan 30 yake karɓa, a 2024 aka ƙara zuwa minti ɗaya, abin da ya wuce iyakarsa kuma sai ya yanke. A guruf babu wannan takurar, amma iyaye za su so su ɗora a nasu Status ɗin.

Batun murya, tunda shafukan sun sauya, gara ki sake ɗauka. A Slide Show akwai Record Slide Show, ko Record a sababbin. In kin bi ta nan, lokacin da kika ɗauka kina magana a kan kowane shafi shi zai maye gurbin lambobin After, don haka ki sa ido a kan agogon da ke allo. Kuma ki yi shiru lokacin da kike wucewa daga shafi zuwa shafi. PowerPoint ba ya ɗaukar murya a wannan tsakanin, sai ki ji "ranar Asa…" sauran kalmar ta ɓace. A kashe fanka kafin a fara, a kuma nisanci janareta.

Yanzu sai fitarwa: File, Export, Create a Video. Akwati na farko na inganci ne. Ki bar Ultra HD da Full HD, ki ɗauki HD (720p). WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, saboda haka babban fayil ɓata lokacinki ne kawai wajen ɗorawa, musamman in sabis na ja da baya. Akwati na biyu shi ne tarkon: dole ya nuna Use Recorded Timings and Narrations. In ya tsaya a kan Don't Use, duk wahalar lissafi da murya ta tafi a banza, kowane shafi zai sami sakan 5 shiru. Sai a danna Create Video, a tabbata nau'in fayil MP4 ne. A ƙasan allo za ki ga ɗan layi yana cika a hankali. Kada a rufe PowerPoint ko murfin kwamfutar sai ya gama, in ba haka ba fayil ɗin zai fito amma ya ƙi buɗuwa. Bidiyon minti ɗaya na shafuka marasa motsi a 720p bai kamata ya wuce 'yan megabait ba. In kin ga ya haura 20, akwai wani motsi ko guntun bidiyo da ya maƙale a ciki, a nemo shi.

Wuri ɗaya ne maganar mai shago za ta iya samun ƙafa. In kwamfutar PowerPoint 2010 ke kanta, WMV kaɗai yake fitarwa, wanda WhatsApp ba ya kunnawa kamar sauran bidiyo. Daga na 2013 ne aka fara samun MP4. Ko a nan ma ba sai an biya ba, manhajar HandBrake kyauta ce, tana juya WMV zuwa MP4. Irin manhajojin da ake tallatawa kuwa, yawancinsu kuɗin wata-wata ne mai sabunta kansa daga katin banki, ki biya don walima ɗaya a yi ta cirar miki har Ramadan.

Kafin ki saki a guruf, tura wa kanki ko wata malama, ku buɗe a wayar da ta fi kowace tsufa a gidan. In sunaye sun yi hazo, ki sake turawa ki danna alamar HD da ke sama kafin ki aika. Akwai kuma turawa ta Document, wadda ba ta matse komai, amma ban ba ki shawararta ga iyaye ba: fayil ne kawai zai bayyana da suna, dattawa da yawa ba sa taɓa shi. Ki duba har da haruffan ƙ da ɗ da ɓ a sunaye irin Bilƙisu. Yadda suka fito a kwamfutar haka za su daskare a bidiyon, mai kyau ko maras kyau. Sannan ki rubuta rana da wuri a ƙarƙashin bidiyon da rubutu zalla, saboda wanda datarsa ta ƙare.

Tambaya: Malam, albasa nake saro wa daga Aliero ina kaiwa Jega. Waya kawai gare ni, na jera farashi a Google Slides, shafi 4. Ya zan yi ya zama bidiyo?

Amsa: Ɗan'uwa, Google Slides ba ya fitar da bidiyo, PowerPoint na waya ma haka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kunna shafukan su cika allo, ka jawo saman wayar ka danna Screen record, wanda yake cikin Android tun daga na 11, ka riƙa wuce shafukan da yatsa. Ka fara sa wayar a Do Not Disturb, kada saƙon banki ya faɗo cikin bidiyon duk abokan ciniki su gani. Canva ma yana sauke MP4 a waya kyauta, muddin ka guji hotunan da ke ɗauke da alamar kambi, su ne na kuɗi.

Amma da ni ne kai, bidiyon ma ba zan yi ba. Farashin buhu yana iya sauyawa tsakanin kasuwa da kasuwa, kuma mai saye so yake ya tsayar da ido a kan lamba, ya buɗa ta da yatsu biyu. Ka ɗauki hoton allo na kowane shafi, hotuna huɗu, ka rubuta kwanan wata babba a saman kowanne don kada wani ya zo maka da farashin makon jiya.