Makin ci gaban ɗalibi a shekara

"Ina koyarwa a Sakkwato. Shugabar makarantarmu na auna mu da ƙarin makin yara daga jarrabawar shiga zuwa ta ƙarshen shekara. Wannan adalci ne?"

Malam, wannan hanya ta fi duba makin ƙarshe kaɗai adalci, amma ɗebe makin shiga daga na ƙarshe bai wadatar ba. A ce yarinya ta shigo da 30 ta fita da 50, wani kuma ya tashi daga 85 zuwa 90. Ba za a ce malaminta ya fi ƙoƙari ba, domin mai 85 saura maki 15 kawai gabansa. Kuma wanda ya faɗi ƙasa sosai ranar shiga, wataƙila zazzaɓi ne ko tsoro, makinsa zai hau ko ba a koya masa komai ba.

Abin da ya dace, a kwatanta yarinyar da duk waɗanda suka shigo da kusan 30. In yawancinsu 45 suka samu, ƙarinta na gaskiya 5 ne. Ka roƙi shugabar makarantarku ta haɗa sakamakon shekara biyu ko uku, don aji ɗaya ya yi kaɗan a yanke wa malami hukunci.